Kafin Ka Ce "Na Amince": Yadda Ake Cinikin Albashi Ta Imel

Yawanci ta waya labarin yake zuwa. Jami'ar sashen kula da ma'aikata za ta kira, ta ce an gama duba sakamakon intabiyu, kai aka zaɓa, albashi kaza ne, yaushe za ka iya farawa? Mutumin da ya yi wata da watanni yana aika takardu ba amsa, ko adadin ma ba ya ji da kyau. Abin da kunnensa ya kama shi ne an ɗauke shi. Sai ya yi hamdala, ya zuba godiya, ya ce ya amince. Cikin minti biyu an rufe maganar da za ta yanke abin da zai riƙa shiga aljihunsa na shekara biyu ko uku.

Ba na ganin laifin mai yin haka. Aiki ya yi wuya, kuma an tarbiyyantar da mu a kan cewa wanda aka yi wa alheri ba ya tsayawa ƙirga. Amma ɗaukar aiki yarjejeniya ce tsakanin mai buƙatar gwani da mai gwanintar, kuma tsakanin wannan kiran waya da ranar sa hannu a takarda ne kaɗai ma'aikaci yake da bakin magana sosai. Kafin kiran, kana ɗaya daga cikin mutane masu yawa. Bayan sa hannu, ka shiga layin ƙarin shekara-shekara tare da kowa. A tsakani kuwa, kamfani ya riga ya kashe makonni yana tantancewa, an kai sunanka gaban shugaba, manajan da zai yi aiki da kai ya fara lissafi da kai, kuma wanda ke biye maka a jerin sunaye zaɓi na biyu ne. Ba sa son komawa baya a kan bambancin da bai taka kara ya karya ba.

Saboda haka aikin farko a waya shi ne kada a ce e, kada a ce a'a. A nuna farin ciki na gaske, a yi godiya, sannan a ce: "Hajiya, na ji daɗin wannan labari ƙwarai. Don Allah ko za a turo mini bayanin a rubuce, da yadda aka rarraba albashin, in duba a tsanake? In sha Allahu zan ba da amsa kafin ranar Alhamis." Kwana biyu ko uku ba wanda zai ga yawansu. Ambaton ranar yana kwantar wa mai kiran hankali, domin ita ma akwai wanda zai tambaye ta ina aka kwana.

Me ya sa ta imel? Dalili uku nake gani. A waya, wadda ta kira ta yi irin wannan magana da mutane da yawa, kai kuwa wataƙila karo na biyu ke nan a rayuwarka. Rubutu yana ba ka lokacin da za ka yi tunani. Na biyu, sau da yawa ba ita ke da ikon ƙara ko kwabo ba. Sai ta kai maganar wurin manaja ko shugaban sashen kuɗi, kuma imel ɗinka ne za ta tura musu yadda yake. Wannan abu ne da ya kamata ya zauna a zuciyar mai rubutu: mutum biyu kake yi wa magana, wadda ka sani da wanda ba ka taɓa gani ba, mai riƙe da kasafi. Ita tana buƙatar ta ji cewa kana son aikin kuma za a ji daɗin zama da kai. Shi yana buƙatar dalilin da zai iya karewa. Na uku, rubutu shaida ne. Alkawarin baki yakan bi wanda ya yi shi idan aka canja masa wurin aiki.

A fara da lissafi

Mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. Wata akanta ce a Kano, shekararta huɗu tana aiki, alat ɗin da ke shigo mata duk wata naira 265,000 ne, kuma a watan Disamba wurin aikinta na biyan albashin wata na goma sha uku. Wani kamfanin sarrafa abinci ya kira ta ya ce zai ba ta 350,000 a wata. A kunne, ƙarin 85,000 ne. Ta kusa amincewa, amma ta nemi a turo a rubuce.

Da takardar ta zo, sai ta ga 350,000 ɗin jimilla ce kafin cire-cire. A nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami: suna kwatanta abin da ke shiga asusunsu yanzu da adadin da ba a taɓa ba tukuna. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci zai ba da aƙalla kashi 8 cikin 100, mai aiki ya ba da kashi 10, kuma mafi ƙarancin abin da ake lissafawa a kai shi ne ainihin albashi da alawus ɗin gida da na sufuri. A takardarta waɗannan uku sun kama 245,000, don haka za a cire mata 19,600. Sai harajin albashi, wanda ake gani a takardar biya da sunan PAYE. A ƙarƙashin dokar harajin da ta fara aiki a watan Janairun 2026, naira 800,000 na farko a shekara ba haraji, daga nan zuwa miliyan 3 kashi 15 ne, abin da ya haura zuwa miliyan 12 kuma kashi 18. Idan ba a sa wani rangwame ba, harajinta zai kai wajen 42,000 a wata. Abin da zai rage ya shiga asusunta kimanin 288,000 ne.

Har yanzu dai ya fi 265,000. Amma sabon wurin ba ya biyan wata na goma sha uku. Ta ninka 265,000 sau 13, ta sami 3,445,000. Ta ninka 288,000 sau 12, ta sami 3,456,000. Ƙarin da ta yi zaton 85,000 ne a wata ya koma 11,000 a shekara guda cur, ga shi masana'antar tana bayan gari, kuɗin mota zai cinye wannan cikin 'yan kwanaki. Wanda bai yi wannan lissafi ba bai san abin da aka taya masa ba, balle ya san abin da zai nema.

Sauran abubuwan da ake dubawa a takardar su ne inshorar lafiya, da ko ta haɗa da iyali; kuɗin hutu; tsawon lokacin gwaji, da ko albashin lokacin gwaji daidai yake da na bayan tabbatarwa; sai lokacin da ake duba albashi. Wannan na ƙarshe ya ƙara nauyi tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 34 cikin 100. Albashin da aka tsayar ba tare da ranar sake dubawa ba yana narkewa ne a hannun mai shi.

Daga nan sai ta tsayar da adadi uku a takardarta, ita kaɗai. Na ƙasa, wanda in ba a kai shi ba gara ta zauna inda take: 375,000. Na tsakiya, wanda za ta karɓa da farin ciki: 400,000. Na sama, wanda za ta rubuta a imel: 415,000. Ba daga iska ta ɗauko su ba. Ta tambayi abokan karatu biyu da ke irin wannan aiki a kamfanoni masu kama da wannan, ta duba tallace-tallacen aiki da suka bayyana albashi, ta kuma yi magana da wani tsohon shugabanta da ya san kasuwar. Ba a tambayar mutum "nawa ake biyan ka?", wannan yana sa shi ya rufe baki. Cewa ake yi, "Yaya, a ganinka mai shekara huɗu a irin wannan kujera, daga nawa zuwa nawa ya dace?" Kusan kowa zai amsa wannan.

A nawa ganin, neman ƙarin kashi 10 zuwa 20 a kan abin da aka taya yana cikin abin da ake iya saurara. Idan bambancin ya kai rabi ko ninki, to matsalar ta wuce ciniki: ko dai an sa ka a matakin da bai dace da kai ba, ko kamfanin ba shi da ƙarfin ɗaukar ka, kuma maganar mataki ya kamata a yi.

Wasiƙar kanta

A ofisoshin Najeriya da Turanci za a rubuta ta, a Nijar da Faransanci, amma ginin ɗaya ne. Ga abin da akantar tamu ta aika, a matsayin amsa a kan imel ɗin da aka turo mata, don maganar ta zauna wuri guda:

"Assalamu alaikum Hajiya, da fatan kin yini lafiya.

Na gode ƙwarai da kiran da kika yi mini ranar Litinin da kuma bayanin da kika turo. Na ji daɗin hirar da muka yi da manajan kuɗi, musamman maganar sabon reshen da za a buɗe, kuma ina son in kasance cikin wannan aiki.

Na duba tayin a tsanake, kuma abu ɗaya nake so mu tattauna, wato albashi. Aikin kamar yadda aka bayyana mini ya haɗa da rufe littattafan wata-wata, da harkar haraji, da kula da ma'aikata biyu. Shekara huɗu ke nan ina yin na farko da na biyu, kuma a wurin da nake yanzu na rage lokacin rufe littattafai daga kwana 12 zuwa kwana 5. Na kuma kammala jarrabawar ICAN bara. Bayan cire fansho da haraji, tayin ya zo kusan daidai da abin da nake samu yanzu a shekara, alhali nauyin ya fi yawa.

Saboda haka ina neman a duba yiwuwar mai da albashin naira 415,000 a wata kafin cire-cire. Idan aka kai nan, a shirye nake in sa hannu a wannan makon, in kuma ba da sanarwar barin aiki nan take.

Na san akwai tsarin da kuke bi, kuma idan ya fi sauƙi mu yi magana ta waya, ina nan kowane lokaci. Na gode da ɗawainiyar da kike yi da ni tun farkon wannan al'amari."

Ba ta kai kalma 250 ba, kuma hakan da gangan ne. Doguwar wasiƙa tana nuna mai ita yana jin tsoro, kuma kowane ƙarin dalili mai rauni yana rage wa mai ƙarfi kaifi. Wanda zai ƙi, dalilin da ya fi rauni zai kama ya amsa, ya bar sauran.

A lura da inda taushin yake da inda tsaurin yake. Taushin yana farko da ƙarshe, kuma duk a kan mutane da aikin ya sauka: godiya ga Hajiya, jin daɗin hira da manaja, son aikin. Godiyar ma ba ta gama-gari ba ce. Ta ambaci sabon reshe, wanda ke nuna ta saurara. Tsaurin yana tsakiya, a kan adadi da dalili, kuma ba a lulluɓe shi da komai ba. Kuskuren da na fi gani shi ne a cakuɗa su. Mai kunya yakan zuba taushin a kan adadin: "ko da ɗan abin da ya sauwaƙa ne", "idan ba zai yiwu ba ba komai", "ku yi haƙuri da na kawo wannan magana". Duk wanda ya karanta haka ya san an riga an amince, sai ya amsa da cewa kasafi bai ba da dama ba. Mai zafi kuma yakan zuba tsaurin a kan mutane: "wannan tayi bai dace da darajata ba", "na yi mamaki". Shi kuma ya sa jami'ar da ya kamata ta zama lauyarsa a cikin gida ta koma kare kamfani.

Mu da muka tashi a kasuwa mun san wannan rabon. Mai kaya da aka taya masa ƙasa ba ya ɓata rai, ba ya kuma sallamawa. Zai yi murmushi ya ce albarka, ya faɗi abin da zai iya, gaisuwa na nan, farashi na nan. Roger Fisher da William Ury na jami'ar Harvard sun gina shahararren littafinsu na 1981 kan sasantawa a kan kusan wannan ka'ida: a raba mutum da matsalar, a kuma jingina buƙata a kan ma'aunin da kowane ɓangare zai iya dubawa.

Ma'aunin nan shi ne zuciyar wasiƙar. Dalilan akantar duk abubuwa ne da manajan kuɗi zai iya maimaitawa a gaban shugabansa ba tare da jin nauyi ba: faɗin aikin, abin da ta taɓa yi da adadinsa, takardar ƙwarewa, da lissafin da ya nuna tayin bai ɗaga ta ba. Ba ta ambaci kuɗin haya ba, ko kuɗin makarantar ƙanne, ko jinyar mahaifiya, ko da yake duk suna kanta. Waɗannan gaskiya ne, kuma a al'adarmu su ne abin da baki ya fi saurin faɗa, domin mun saba neman alfarma ta hanyar bayyana hali. Amma kamfani ba zai iya biyan mutum biyu masu aiki ɗaya albashi daban saboda ɗaya ya fi yawan iyali ba. Wanda ya kawo buƙatarsa ya mai da kansa mai roƙo, kuma amsar roƙo ita ce "Allah ya hore". Banda ɗaya: idan aikin ne da kansa ya jawo kuɗin, kamar ƙaura daga Zariya zuwa Abuja, wannan dalili ne na aiki, kuma ana iya neman kuɗin ƙaura daban.

Ta kuma faɗi adadi ɗaya. Da ta ce "tsakanin 380,000 da 415,000", 380,000 kaɗai za a ji. Wanda ya fi son ya ba da tazara, to ya sa abin da yake so a ƙasan tazarar. Kuma ta bayyana cewa kafin cire-cire take nufi, don kada a zo ranar biya a ce ba a fahimci juna ba.

Jumlar da ta fi kowace aiki a wasiƙar ita ce wadda ta ce idan aka kai nan za ta sa hannu a wannan makon. Abin da mai ɗaukar aiki yake tsoro shi ne ya je ya yi faɗi-tashi ya samo ƙari, sannan a dawo masa da wata sabuwar buƙata, ko a ɗauki takardarsa a kai wa tsohon wurin aiki don a sami ƙari a can. Wannan jumla tana gaya masa cewa wahalarsa za ta rufe magana. Sai dai kada a rubuta ta sai da niyyar cikawa. Haka nan duk abin da ake son nema, a haɗa shi a wasiƙa ɗaya, a nuna wanda ya fi muhimmanci. Yau albashi, gobe hutu, jibi mota, wannan yana gajiyar da mutane fiye da babban adadi.

Akwai wani abu game da imel da ya kamata a yi hattara da shi. Rubutu ba shi da murya. A 2005 Justin Kruger da Nicholas Epley da abokan aikinsu sun wallafa wani bincike inda aka sa mutane su aika jumloli, wasu da gaske wasu da gatse. Masu aikawa sun tabbata za a gane nufinsu, amma masu karantawa ta imel ba su fi mai cankar sa'a da yawa ba, alhali waɗanda suka ji da murya sun fi ganewa. Abin da kai ka rubuta da murmushi, wani zai iya karanta shi da ɗaure fuska. Don haka ba a barkwanci a irin wannan wasiƙa, ba a rubuta ta cikin fushi ko tsakar dare, kuma yana da kyau a ba wani ya karanta a bayyane kafin a aika. Idan ya karanta wata jumla da sautin da ba shi kake nufi ba, a sake ta. WhatsApp kuwa, ko da ta nan aka saba magana da jami'ar, a bar shi don cewa "Hajiya, na turo saƙo ta imel".

Mata suna da ƙarin nauyi a nan, kuma ba zan ɓoye shi ba. Linda Babcock da Sara Laschever, a littafinsu na 2003, sun kawo binciken ɗaliban da suka gama digiri na biyu a jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka: kashi 57 na maza sun yi cinikin albashinsu na farko, mata kashi 7 kacal, kuma waɗanda suka yi cinikin sun sami ƙarin kimanin kashi 7 cikin 100. Daga baya Babcock da Hannah Riley Bowles suka nuna cewa shirun matan yana da dalili, domin mace mai neman ƙari an fi yi mata kallon mai wuyar sha'ani fiye da namijin da ya faɗi magana iri ɗaya. Abin da suka ga yana rage wannan shi ne a haɗa buƙatar da dalili karɓaɓɓe da kuma nuna kulawa da dangantakar aiki. A Amurka aka yi binciken, amma duk macen da aka taɓa ce wa "ke da mijinki ke ciyar da ke" ta san ba baƙon abu ba ne a nan. Ba adalci ba ne a ce sai ta fi namiji iya lafazi, amma ginin wasiƙar da ke sama yana ba ta hanyar da za ta nema ba tare da ta rage ko sisi daga adadin ba.

Idan amsa ta zo

Kwana biyu shiru. Wannan shirun ne yake karya mutane, har su aika saƙo na biyu suna cewa sun amince da tayin farko. Shiru yawanci yana nufin takardar tana teburin wani. Bayan kwana uku na aiki ana iya tuntuɓa da layi biyu masu daɗi, ba tare da an janye komai ba.

A rana ta uku Hajiya ta amsa: manaja ya yaba, amma matakin da aka ɗauki kujerar a kai ba ya wuce 385,000. Wannan ya haura adadinta na ƙasa, bai kai na tsakiya ba; abin da zai shiga asusunta zai kama kusan 315,000. A nan hankali yake aiki. An gaya mata inda bango yake, kuma sake tura adadi zai zama kamar ba ta yarda da maganarsu ba. Sai ta koma ga abin da ba ya taɓa bangon. Ta rubuta: "Na gode da ƙoƙarin da kika yi, na kuma fahimci iyakar matakin. Na amince da 385,000. Abin da nake roƙo shi ne a sa a takardar cewa za a sake duba albashin bayan wata shida na gwaji, kuma kamfani zai riƙa biyan kuɗin rajistata ta shekara-shekara ta ƙungiyar akantoci." Irin waɗannan sukan fi sauƙin samu, domin daga wata jaka ta kasafi suke fitowa, kuma ba sa tayar da maganar albashin sauran ma'aikata. Aka amince.

Ƙarin 35,000 a wata 420,000 ne a shekara. Duk ƙarin da za a yi mata nan gaba kashi-kashi ne a kan wannan tushe, kuɗin da ke shiga asusun fanshonta ya ɗaga, kuma kamfanin gaba da zai nemi ganin takardar biyanta daga nan zai fara lissafi.

Za a iya janye tayi saboda mutum ya nemi ƙari? Yana faruwa, kuma ƙarya ne a ce ba ya faruwa. Amma inda na ga ya faru, yawanci ɗaya daga cikin abubuwa uku ne ya jawo. Ko mutum ya riga ya ce ya amince sannan ya dawo da ciniki. Ko ya ba da wa'adi da barazana. Ko ya yi ƙarya, ya ƙara wa albashinsa na yanzu kuɗi ko ya ƙirƙiro wani tayi da babu shi, sai aka ce ya turo takarda. Garuruwanmu ƙanana ne ta fuskar sana'a, masu ɗaukar aiki sun san juna. Idan da gaske akwai wani tayin, a faɗe shi sau ɗaya cikin ladabi, tare da cewa nan aka fi so. Idan kuwa wasiƙa mai ladabi irin ta sama ce ta sa aka janye, to an nuna maka tun da wuri yadda za a amsa duk wata buƙatarka a gidan.

Wanda ya riga ya ce e a waya fa? Ƙofa ba ta rufe gaba ɗaya ba matuƙar bai sa hannu ba, musamman idan takardar ta zo da abin da ba a faɗa masa ba. Zai iya cewa a waya ya ɗauka adadin shi ne abin da zai shiga hannunsa, yanzu da ya ga rarrabuwar yana son a duba. Amma ya rage abin da zai nema, domin ya riga ya ba da kalmarsa.

Ba kowane aiki ne ke karɓar wannan ciniki ba. A aikin gwamnatin tarayya albashi yana bin jadawali ne, irin CONPSS na ma'aikatan gwamnati da CONUASS na malaman jami'a, kuma babu jami'in da zai ƙara maka a kan abin da jadawalin ya ce. Abin da ake iya magana a kai shi ne matakin shiga, idan takardu da shekarun aiki sun cancanci sama da inda aka ajiye mutum. Ƙungiyoyin agaji da ke aiki a Maiduguri da Damaturu da sauran wurare su ma galibi suna da matakai, kuma kuɗin kujerar yana cikin kasafin da mai ba da tallafi ya riga ya amince da shi. Tambayar da ta dace ita ce a wane tsani na matakin aka sa ka, kuma me ya sa. Bankuna da manyan kamfanoni masu ɗaukar sababbin masu digiri rukuni-rukuni kuwa albashi ɗaya suke ba kowa, ciniki a nan ɓata lokaci ne.

Sai wani yanayi da ya fi kusa da mu: aikin da wani babba ya tsaya maka aka samu. A nan wasiƙar ba taka kai kaɗai ba ce, domin sunansa yana jikinta. Kafin a aika komai, a je a same shi, ko a kira: "Baba, sun taya kaza, na yi lissafi ya zo kaza, ina tunanin in nemi a duba. Me ka gani?" Sau da yawa ya san iyakar gidan fiye da kai. Zai iya cewa ka nema, akwai sarari, ko ya ce ka shiga tukuna, bayan shekara a yi magana. Ko me ya ce, ya fi ya ji daga bakin wani cewa yaron da ya kawo yana jayayya a kan kuɗi.

Bayan an daidaita, saura abu ɗaya, kuma a nan ne wasu ke yin asarar duk abin da suka samu. Duk abin da aka amince da shi, adadin, ranar sake dubawa, kuɗin rajista, ranar farawa, sai ya bayyana a takardar ɗaukar aiki da aka gyara, mai ɗauke da sa hannun wanda ke da iko. Idan an ƙarasa maganar ta waya ne, a bi ta da gajeren imel a ranar, a jera abin da aka tsayar, a nemi a tabbatar. A karanta sabuwar takardar layi-layi, domin wani lokaci tsohuwar ake sake turowa bisa kuskure. Akantar tamu ba ta miƙa takardar barin tsohon aikinta ba sai da wannan takarda ta shigo hannunta, ta ga 385,000 da maganar wata shida a rubuce, ta sa hannu, ta mayar, aka kuma amsa mata cewa ta iso.